An kama dilan layinmu, kwana tara wani ya maye gurbinsa

Hajiya Binta: Assalamu alaikum 'yan Zazzau. Ina da tambaya, kuma da zafi a raina nake yin ta. Wata biyu da suka wuce aka kai samame bayan layinmu aka tafi da yaron da ke sayar wa 'ya'yanmu ƙwaya. Mun yi murna, har sadaka na yi, domin ɗana na uku yana cikin masu zuwa wurinsa. Na ƙirga, kwana tara aka yi, sai ga wani yaron da ban taɓa gani ba ya zauna a kangon da ke gaba kaɗan. Ɗana ya koma. Shin wane ne shugaban mutanen nan? Me ya hana a je a ɗauko shi gaba ɗaya mu huta?

Alhaji Isiyaku: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Amsar a fili take, ana kashe maciji ne ba a sare kansa. Akwai manya a sama, an san su, ba a son taɓa su. A kamo uban tafiyar, a yanke masa hukuncin kisa a bainar jama'a, ki ga in wani zai sake zama a kangon nan.

Barista Nura: Amin, Alhaji. Hajiya, sannu da haƙuri. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Babbar Kotun Tarayya, inda ake kai shari'o'in ƙwaya, kuma na karanta bayanan waɗanda aka kama da yawan gaske. Abin da zan faɗa ba zai yi daɗi ba: mafi yawan lokaci babu shugaba guda da za a ɗauko.

Mu bar maciji, mu ɗauki cinikin masara, tunda shi kowa ya sani. Manomin Soba ba yaron ɗan kasuwar Dawanau ba ne. Akwai mai saye a ƙauye, akwai dillali, akwai mai sito, akwai mai mota, akwai mai awo a bakin kasuwa. Kowa cin gashin kansa yake yi, ciniki ne da bashi suka haɗa su. In mai sito guda ya mutu yau, masara ba za ta daina zuwa Sabon Gari ba. Haka ƙwayar da ke zuwa layinku take. Wani ne ya yi odar kaya daga waje. Wani ya fito da kwantena daga tashar ruwa. Wani ya ajiye. Wani ya sayi katan hamsin, ya sayar wa masu sayen katan biyu-biyu, su kuma su ba irin yaron da aka kama kwali ɗaya ko biyu bashi, ya sayar ya kawo kuɗi da yamma.

Yaron nan, in an tsare shi an matsa masa, abin da ya sani bai wuce laƙabin mutum ɗaya da lambar waya ɗaya ba. Kafin a gama rubuta bayaninsa an jefar da layin. Ba taurin kai yake yi ba, iyakar saninsa ke nan. Shi kuwa wanda ke ba shi kaya, asararsa kwali biyu ce, kuma akwai samari goma marasa aikin yi da ke jiran a ba su wannan damar. Masu saye suna nan ba su je ko'ina ba, kangon yana nan. Kwana taran da kika ƙirga, lokacin da ya ɗauka ne ya ga ƙura ta lafa, ya sami wanda zai amince wa da bashi.

Alhaji Isiyaku: Barista, da girmamawa, ban yarda ba. Kana nufin babu manya? Wa ke da kuɗin shigo da kwantena? Yaron kango?

Barista Nura: A'a ranka ya daɗe, manya suna nan, a nan kana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne manyan suna da yawa, kuma ba sa ƙarƙashin juna. Kishiyoyin juna ne ma a kasuwa. In an kama ɗaya, sauran ba makoki suke yi ba, kasuwarsa suke rabawa.

An gwada sare kan a inda kan yake a fili ƙarara. A Kolombiya an kashe Pablo Escobar, shugaban ƙungiyar masu safarar hodar iblis ta Medellin, a watan Disamba 1993, aka kama shugabannin kishiyarta, ƙungiyar Cali, a 1995. Hodar iblis ba ta daina fita ba. Manyan ƙungiyoyin biyu sun farfashe sun zama ƙanana masu yawa da suka fi wuyar bi, ragamar kai kaya Amurka kuma ta koma hannun 'yan Meziko. A Meziko ɗin, daga ƙarshen 2006 gwamnati ta fito da soja tana farautar shugabanni ɗaya bayan ɗaya. An kama El Chapo, ɗaya daga cikin manyansu, a 2016, an miƙa shi Amurka a 2017, yana ɗaurin rai da rai. Ƙungiyarsa ta Sinaloa ta ci gaba da aiki, kashe-kashe kuma suka ƙaru a ƙasar, saboda duk shugaban da aka cire, na ƙasa da shi sai sun yi yaƙi a kan gadon kujerar.

Maganar kisa kuma, mun taɓa yi a ƙasar nan. A ƙarƙashin Doka ta 20 ta 1984, gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu 1985 kan hodar iblis. Bayan shekara huɗu, a 1989, sai da aka kafa NDLEA, domin safarar ba ta tsaya ba.

Alhaji Isiyaku: Mutum uku kawai aka harbe aka daina. Da an ɗore ai da an ga bambanci. Saudiyya fa?

Barista Nura: Saudiyya tana kashewa, kuma har gobe tana kama miliyoyin ƙwayar kaftagon a iyakokinta. Dubi kuma su wa ake kashewa: 'yan ɗauko ne, talakawan da aka biya su ɗauki jaka. Mai kayan yana gidansa. Amma ba zan ce maka tsoro ba ya aiki sam ba. Abin da na lura da shi a wurin waɗanda na zauna da su shi ne, ba sa lissafin tsananin hukunci, suna lissafin ko za a kama su. Wanda ya yi sawu ashirin lafiya ba ya tunanin igiya.

Famasis Hauwa: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, domin a kan kanta nake tsaye tun kafin 2018, kuma a gabana kasuwar nan ta sauya kama har sau uku.

Kafin 2018 abin da ya addabe mu kodin ne, maganin tari na kwalba. Yawancinsa a nan ƙasar ake yin sa, a kamfanoni masu lasisi, sai ya zurare ta bayan gida: wakilin kamfani ya sayar wa wanda bai kamata ba, daga can ya shiga kasuwar magani ta buɗe. Ƙarshen Afrilu 2018 BBC ta fitar da bincikenta, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Nan take kwalba ta yi tsada ninki-ba-ninki. Na ga matan aure da ke aiko yara da takardar bogi sun daina aikowa. Wasu sun daina sha da gaske, wannan ba zan ɓoye ba. Wasu kuma suka koma abin da aljihunsu zai iya: tiramol, roci, eksol, diyazafam.

To kodin ɗin ma bai ɓace ba, hanya ya sauya. Da ana karkatar da na gida, yanzu kwantena ake kamawa a tashoshin ruwa na Legas da Onne, an yo shi daga Indiya. Wato an rufe ƙofar da ƙananan 'yan kasuwa ke bi, cinikin ya koma hannun masu jarin da za su iya odar kwantena su kuma sayi hanyar fito da ita.

Tiramol kuma, wanda muke bayarwa da takardar likita miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a unguwa 200 ne, 225, har 250. Babu asibitin da ke rubuta wannan. Don kasuwar shaye-shaye aka buga shi tun daga masana'anta. Dalilin ƙarfin kuwa lissafin mai fasa-ƙwauri ne: katan ɗaya na 225 yana ɗauke da abin da katan huɗu da rabi na 50 ke ɗauke da shi, ga wurin ɓoyo kaɗan, ga haɗari kaɗan. Duk lokacin da aka tsananta bincike, kaya ƙanƙancewa yake yi ya ƙara ƙarfi.

A shekarar 2018 ɗin dai Indiya ta sa tiramol cikin dokarta ta miyagun ƙwayoyi, fitar da shi ya yi wuya. Ba a jima ba sai ga wata ƙwaya a kasuwa, kwalinta kamar na tiramol, lambar 225 ɗin nan a jiki, yara suna ce mata tiramol. Amma in ka karanta ƙananan rubutun, tafentadol ne aka haɗa da karisofurodol. Na farkon dangin tiramol ne amma ya fi shi ƙarfi, na biyun mai sakin jijiya ne da ke sa maye. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗin a matsayin magani. An zaɓe shi ne saboda dokar da ta kama tiramol ba ta ambace shi ba. Sai a Fabrairu 2025, bayan wani binciken na BBC, Indiya ta hana yin haɗin da fitar da shi. Shekara nawa ke nan ana sha?

Hajiya, wannan ya shafe ki kai tsaye. In kin tsinci fankon abin da yake sha, ki karanta ko ki kai wa mai ilimin magani ya karanta. Haɗin nan yana danne numfashi. In kika ga barcinsa ya yi nauyi ba ya tashuwa, numfashi a hankali, leɓe ya sauya launi, ko ya faɗi yana jijjiga, asibiti za a nufa a lokacin, a tafi da fankon.

Hajiya Binta: Innalillahi. Na sha tsintar fankon a aljihun wandonsa in zan yi wanki, ja da kore, sai in jefa a murhu don takaici. Ban taɓa karantawa ba. Na gode ƙanwata.

Abba Samaru: Ni fa ban gane inda aka dosa ba. Barista ya ce kamu ba ya aiki, Anti Hauwa ta ce hani ya ƙara lalata abin. Wato a buɗe a bar kowa ya sayar ke nan? Wannan ai ra'ayin Turawa ne ake son shigo mana da shi.

Famasis Hauwa: Abba, koma ka karanta. Ni na ce wasu sun daina sha da aka hana kodin, kuma da za a sake tambayata zan ce a hana. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne an rufe ƙofa ɗaya aka tafi barci, ba a tsaya an ga ta inda za su ɓullo ba, ba a kuma tanadi wurin jinyar waɗanda suka riga suka kamu ba. Mutumin da jikinsa ya saba, in ka ɗauke kwalba ba ka ba shi magani ba, wani abin zai nema kafin dare.

Barista Nura: Ni ma ban ce a daina kamu ba. Tambayar ita ce wa za a kama, kuma da me za a auna nasara. Bari in yi lissafi, alƙaluman nawa ne na misali don a ga yadda abin ke tafiya.

A ce mai shigo da kaya yana kashe naira miliyan 10 wajen sayen sawu ɗaya, da wata miliyan 5 ta dako da sallamar hanya. Sawu ɗaya ya tsaya masa miliyan 15. In ya iso lafiya yana sayar wa 'yan sari a miliyan 50. Ya yi sawu goma a shekara, ya kashe miliyan 150. In an kama biyu, takwas sun shigo, ya karɓi miliyan 400. In an kama biyar, rabi cur, ya karɓi 250, har yanzu yana da ribar 100. Sai an kama bakwai cikin goma kafin ya tashi babu riba babu asara. Kuma wannan in farashi bai motsa ba ke nan, alhali in kaya ya yi ƙaranci farashin hawa yake yi, wanda ya tsira ya biya wanda aka kama.

Shi ya sa in kun ji an ce an kama kaya na biliyan kaza, ku tambaya da wane farashi aka yi lissafin. Yawanci da farashin ƙwaya ɗaiɗai a kan titi ake yi. Abin da mai kayan ya yi asara shi ne kuɗin da zai sake sayen wani, kuma wannan ɗan kaɗan ne a cikin waccan lambar.

Akwai abu na biyu da ya fi damuna. Kamu yana tace su. Wanda ake kamawa da wuri shi ne mai sakaci, mai surutu, wanda ba shi da kowa a ciki. Wanda ya rage shi ne mai wayo, mai haƙuri, mai hanya. Bayan shekara goma ana samame, waɗanda suka saura a fagen su ne ƙwararru. Kuma su suna sauya dabara a dare ɗaya, ba sa jiran kasafin kuɗi ko sa hannun wani. Hukuma kuwa sai ta rubuta, a amince, a fitar da kuɗi, wani lokacin sai an gyara doka a majalisa.

Ɗanjuma Direba: Barista ka taɓo inda ke mini ciwo. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Zariya da kudu shekara goma sha biyar. Bara aka ba ni saƙo a tasha, katan biyu an naɗe da buhu an ɗinke, aka ce kayan gyaran babur ne, aka rubuta lambar wanda zai karɓa a Kwangila. Kuɗin saƙo aka biya daidai yadda aka saba, ba ƙari balle in yi zargi. A hanya aka tsayar da mu aka farke, ƙwaya ce. Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare, motar ta yi wata biyu. Lambar wanda ya kawo da ta wanda zai karɓa duk a kashe. Abin da ya cece ni littafin tasha ne, da ɗan kamashon da ya zo ya yi shaida cewa a gabansa aka kawo. Wallahi har yau ban san mai kayan ba. Yanzu duk saƙon da ba a buɗe a gabana ba, ba na ɗauka, ko na wa ye.

Barista Nura: Allah ya kiyaye gaba, Malam Ɗanjuma. Abin da ya same ka shi ne tsarin da nake bayani. Da mai kaya ne ke tafiya da kayansa. Da aka tsananta bincike a hanya sai aka raba kaya da mai shi, aka ɗora haɗarin a kan wanda bai san komai ba. Kun tuna ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya ƙarshen 2018, aka sake ta a 2019 bayan an gano cewa wasu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba? Dabara ɗaya ce. Ka ci gaba da abin da kake yi, kuma a rubuta sunan mai kawo saƙo da shaidarsa a littafin tasha, domin a kotu abin da ake dubawa shi ne ko ka san abin da ka ɗauko.

Malama Rabi: Ni malamar sakandare ce. Barista, ka rushe mana komai ba ka gina ba. In yaron kango ana maye gurbinsa a kwana tara, babba kuma in an cire shi wasu su raba kasuwarsa, to wa ya rage?

Barista Nura: Malama, wanda ya rage shi ne wanda ke da wuyar mayewa. A kowace sarƙa akwai 'yan wurare da ba kowa ke iya tsayawa ba. Mutumin da masana'antar waje ta yarda da shi har take ba shi kaya. Wanda ke cikin tashar ruwa yana sa kwantena ta wuce ba a buɗe ba. Wanda ke juya kuɗin, ya mai da naira dala, ya biya can waje ba tare da an ga sawu ba. Irin waɗannan sau da yawa ba ƙungiya ɗaya suke yi wa aiki ba, mutum ɗaya yana iya yi wa masu kaya biyar. In ka cire shi ka taɓa biyar a lokaci guda, kuma amanar da ya gina a shekaru ba a gina ta a mako.

Misalin ƙwarewa: a 2016 NDLEA ta gano babban wurin dafa ƙwayar met a Asaba, ta kama 'yan Meziko huɗu a ciki. Me ya kawo su? Ilimin dafawar a wancan mataki ne babu a nan, sai da aka ɗauko masu shi. Wannan shi ne irin gurbin da ba a cikewa da yaron unguwa.

Amma aikin yana da wuya. Kama yaro da kwali biyu aikin awa ɗaya ne, ga hoto, ga adadi a rahoto. Bin kuɗi aikin shekara ne, da takardun banki, da haɗin kan wata ƙasa, kuma mutumin yana da lauyoyi, wataƙila bai taɓa riƙe ƙwaya da hannunsa ba. An yi dokar ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar laifi a 2022, tana taimakawa. Duk da haka in ka zauna a kotu ka ƙirga waɗanda ake gurfanarwa, masu ƙulli da masu kwali sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Alhaji Isiyaku: To ai ka dawo kan maganata. Na cikin tashar ruwa da mai juya kuɗi, su ne manyan da nake faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Barista Nura: Mun kusa haɗuwa, Alhaji. Bambancinmu, kai kana neman wanda ya fi kowa kuɗi da suna, ni ina neman wanda in babu shi kaya ba ya motsi. Wani lokacin mutum ɗaya ne, wani lokacin kuwa wani ne mai ƙaramin ofis da ba wanda zai nuna shi a taro. Kan hukuncin kisa dai ban sauya ba.

Alhaji Isiyaku: Ni ma ban sauya ba.

Sadiq T/Wada: Ku yi haƙuri in sa baki, ni na sha, shekara shida, yau shekara biyu da wata huɗu da na bari. Duk lissafin da ake yi daga sama ake yin sa. Mu a ƙasa ga yadda muke gane an taɓa kasuwa: farashi ya hau ya zauna a sama, ba na kwana uku ba. Ka yi yawo awa biyu ba ka samu ba. Dila ya daina ba da bashi. Kaya ya zo jabu, ka sha biyu kamar ba ka sha ba. In an yi samame amma washegari farashi yana nan yadda yake, to ba a taɓa komai ba, wuri kawai aka sauya. A shekara shidan nan sau biyu kacal na ga kaya ya yanke da gaske, kuma duk biyun ba samamen unguwa ne ya jawo ba, daga sama abin ya tsaya, dilolin kansu ba su san dalili ba.

Kuma in faɗa muku, lokacin yankewar nan shi ne mafi haɗari kuma shi ne mafi alheri. A nan wasu ke haɗa abin da ba su sani ba su mutu. A nan kuma ni na je na ce wa yayana ya kai ni asibiti, domin jikina ya hana ni sakat kuma ba inda zan samu. Da ba a karɓe ni a makon ba, da kaya ya dawo na koma.

Famasis Hauwa: Sadiq, Allah ya ƙara maka lafiya, ka faɗi abin da na kasa faɗa. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne. Duk mai jari da ya ga wannan adadin ya ga kasuwa. Gadajen jinya kuwa ba su kai ko kusa ba.

Sai dai ina da ja a kan abu ɗaya da Barista. Ka raina samamen unguwa da yawa. Kangon da ke kusa da makaranta, in an tashe shi ya koma bayan gari, ɗan shekara goma sha uku da bai fara ba ya rage cin karo da shi. Tsohon mashayi zai bi shi duk inda ya koma, sabon shiga ba zai bi ba.

Barista Nura: Na karɓi wannan, da sharaɗi. Yana aiki in an riƙe wurin bayan samamen: mai kangon ya katange shi ko ya gina, a sa fitila, mai unguwa da 'yan sintiri su riƙa leƙawa. In an kama an tafi an bar kango yadda yake, to an yi wa na gaba shara ne. Inda ban da tabbacin da kike da shi shi ne ko komawa bayan garin tana rage masu farawa, ko kuwa yaran wata unguwar ne za su gaje matsalar. Yanzu ma da waya ake ciniki, a kawo maka a babur.

Malama Rabi: A makarantarmu dai da aka katange filin bayanmu mun ga sauƙi a 'yan aji ɗaya da biyu. Manyan kuwa ba abin da ya sauya.

Hajiya Binta: Na karanta duka, wasu sau biyu. Kangon na wani ne da ke zaune a Abuja, mai unguwa yana da lambarsa, gobe in sha Allahu zan sa babansu ya je ya same shi. Sadiq ɗana, in ba damuwa ka yi mini magana ta gefe, ina son in san yadda yayanka ya yi har ka yarda ka bi shi, domin nawa ko zancen asibiti aka yi sai ya bar gidan kwana biyu.

Sadiq T/Wada: To Mama, zan yi miki bayan isha'i. Amma kada a ɗaure shi, kada a kai shi inda ake sa mari. An taɓa yi mini, wata uku, ranar da na fito a ranar na sha.